Cinikin albashi ta imel: abin da ya faru tsakanina da Madam ta Yamai

Ranar Litinin 9 ga Satumban 2024, bayan La'asar, ina zaune a ƙofar gida a Gure wayata ta yi ƙara. Imel ne daga wata ƙungiya mai zaman kanta da na yi wa jarrabawar neman aiki makonni uku kafin nan. Suna neman wanda zai riƙa zagaya azuzuwan fasarel, wato azuzuwan da ake tara yaran da ba su shiga lakwal ba ko suka fita da wuri, a koyar da su wata tara, sannan a mayar da su cikin makarantar gwamnati. Jami'ar ɗaukar ma'aikatansu, wadda ke Yamai, ta rubuto cewa ni aka zaɓa. Albashi jika 285 a wata, wato sefa dubu 285. Kwantiragi na wata 12. Wurin zama Damagaram. Za a ba ni babur. Fara aiki 1 ga Oktoba. Amsa cikin kwana uku.

A lokacin abin da ke shiga hannuna kowane ƙarshen wata jika 178 ne, bayan shekara 19 ina riƙe da alli. Na cire 178 daga 285 a zuciyata, na ga 107, sai na ji kamar in tashi in yi shela a unguwa.

A daren nan na rubuta amsa. Da Faransanci muke musayar, amma ga ma'anarta: na gode, na gode ƙwarai, duk abin da kuka ga ya dace ni mai karɓa ne, a shirye nake in fara ko gobe. Kafin in aika na karanta wa maiɗakina. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ko ragon Layya za ka saya sai ka duba haƙoransa. Babur ɗin da ruwa yake tafiya? Kuma a Damagaram gidan wa za ka kwana?" Ban sami amsa ba. Na ajiye wayar.

Mu malamai akwai abin da ke cutar mu a irin wannan wuri. Aikin gwamnati bai koya mana ciniki ba. Na fito daga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram, aka tura ni ƙauye a 2005, aka faɗa mini abin da za a biya ni, na ce to. Tun daga nan duk ƙarin da na samu takarda ce ta zo da shi daga sama. Ga kuma kunya: mutum ya zaɓe ka cikin jama'a, sai ka ga kamar butulci ne ka ce masa bai isa ba. Alhali ni ɗin nan, ranar kasuwa, ina iya tsayawa rabin awa kan akuya guda, a taya in ce albarka, a ƙara in ce albarka, mu rabu da mai saye muna dariya. Babu wanda ya taɓa cewa na yi rashin kunya. To me ya sa wanda ya iya cewa albarka kan akuya zai kasa faɗinta kan shekara guda ta rayuwarsa?

Da safe na rubuta wani saƙon dabam, gajere. Na gaishe ta, na gode mata, na ce aikin ya kwanta mini a rai domin yankin nawa ne kuma yaran na san irinsu. Ban ce na karɓa ba, ban ce na ƙi ba. Na yi tambaya uku. Ta farko, kusa da 285 ɗin an rubuta kalmar brut, don haka ina roƙon ta lissafa mini abin da zai rage bayan an cire kuɗin CNSS da harajin albashi, ga mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ta biyu, man babur da gyaransa a kan wa suke? Ta uku, azuzuwan guda nawa ne kuma a waɗanne garuruwa? Na rufe da roƙon a ƙara mini wa'adi zuwa Litinin 16 ga wata, domin ni ma'aikacin gwamnati ne kuma akwai takardun da sai na bincika.

Wannan saƙon shi ne ya fi kowanne amfani, kuma babu ciniki a cikinsa ko kaɗan. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai, kuma amsarta tana zuwa a rubuce. Washegari Madam ta amsa. Ta yarda da wa'adin ba tare da wata magana ba, abin da ya nuna mini cewa kwana ukun nan ba ƙa'ida ba ce, al'ada ce kawai ta rubutu. Ta turo lissafin: CNSS na ɗaukar kashi 5.25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wato kusan jika 15, haraji kuma kusan jika 29. Abin da zai shigo hannu jika 241. Game da mai, ta ce "ana duba shi gwargwadon tafiya". Azuzuwa 14 ne, dukansu a garuruwan Gidigir, Bune da Kelle.

Na ɗauko littafin rubutu na ɗalibai na zauna da biro. Ɗaki a Damagaram, ko mara kyau, jika 25. Abincina ni kaɗai a can, alhali tukunyar gida ba ta ragu ba, jika 25. Kuɗin mota zuwa ganin iyali, jika 12. Sai mai. Wanda bai san yankinmu ba zai ga azuzuwa 14 kamar abin wasa ne, amma da ka sauka daga kwalta rairayi ne, babur na nishi yana shan mai. Na ƙiyasta kilomita 900 a wata, lita guda ta kai ni kilomita 25, lita 36 ke nan, a kan sefa 500 ya zama jika 18. Baƙin mai, faci da sarƙa, jika 12. Mai da gyara jika 30. Jimillar duka jika 92. Da na cire daga 241 sai ya rage 149.

Na daɗe ina kallon lambar. Aikin da na ɗauka zai ƙara mini jika 107, ashe rage mini jika 29 zai yi kowane wata. Kuma ba nan abin ya tsaya ba. Don in tafi sai na nemi disfonibilite, wato izinin ajiye aikin gwamnati na ɗan lokaci ba tare da albashi ba. Muddin kana cikinsa, ƙarin girmanka ya tsaya. Aikin ƙungiya kuwa wata 12 ne, sabunta shi ya danganta da ko masu ba da kuɗi sun ci gaba da bayarwa. Da na aika saƙon daren farko, da na saki reshe na kama ganye, kuma da hannuna na rubuta godiya a kai.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na rubuta saƙo mai zafi: shekara 19 ina wannan aiki, wannan tayi raini ne, in ba za a ba ni jika 350 ba a nemi wani. Na kai wa tsohon daraktana, dattijo da ya yi ritaya, wanda bayan ritayar ya taɓa aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi. Ya sa tabarau ya karanta, ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Mushe, wannan yarinyar dillaliya ce, ba ita ce mai saniya ba. Kuɗin ba nata ba ne. Duk abin da ka rubuta, tura shi za ta yi wa shugabanta da mai kula da kuɗi. Ka rubuta abin da in ta tura ba za ta ji kunyar ta zaɓe ka ba." Na ce, "To Baba, in yi shiru ke nan?" Ya ce, "A'a. Ka ba ta hujjar da za ta shiga ofis da ita."

Ya kuma bayyana mini abin da ban sani ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da jadawalin albashi, kowane muƙami da rukuninsa, kowane rukuni da matakansa. Jami'ar ba ta da ikon fitar da kai daga rukunin, domin akwai wasu masu irin aikinka a wasu jihohi, in aka ɗaga ka su ma za su taso. Abin da take iya nema maka shi ne mataki ɗaya ko biyu a cikin rukunin, in takardunka sun nuna ƙwarewa. Amma wurin zama, kuɗin mai da ranar farawa daga wata jaka suke fitowa, jakar gudanar da aikin, kuma can ƙofa ta fi faɗi. Wato ni ina ta dukan bango, ga ƙofa a gefe.

Kafin in sake rubutu na yanke wa kaina iyaka, na rubuta ta a bangon littafin: jika 230 a hannu, bayan an cire duk abin da aikin zai ci. Jika 178 da nake samu, da kusan 50 ladan kasadar barin aikin dindindin. In bai kai nan ba, zan gode musu in koma ajina, kuma na tabbatar wa kaina cewa da gaske nake. Wannan lambar ban taɓa rubuta wa Madam ita ba. Amfaninta a wurina ne. Da na auna buƙatuna da ita sai na ga wani abu: in aka bar ni a Gure aka kuma ɗauki mai, 241 ɗin nan tawa ce cif, ta riga ta wuce iyakata ko ba a ƙara ko dala ba. In kuwa aka ƙara albashi zuwa 320 aka bar ni a Damagaram da man babur a wuyana, ba zan kai ba. Ashe albashin da na fi jin zafinsa shi ne na ƙarshe a muhimmanci.

Ranar Juma'a 13 ga wata na aika saƙon cinikin. Ga shi kamar yadda yake, na mayar da shi Hausa:

"Madam, barka da aiki. Na gode da lissafin da kika turo da kuma wa'adin da kika ƙara mini. Sun taimaka mini ƙwarai. Ina son wannan aiki, kuma ina fatan mu daidaita. Akwai abubuwa huɗu da nake son mu duba, na jera su bisa muhimmancinsu a wurina.

Na ɗaya, wurin zama. Azuzuwan 14 duk suna cikin yankin Gure, Damagaram kuwa ta fi kilomita 150 daga nan. In na zauna a Gure zan riƙa isa kowane aji sau biyu a wata maimakon sau ɗaya. Ina neman a rubuta Gure a kwantiragi.

Na biyu, mai da gyaran babur. Lissafina ya ba ni jika 30 a wata, ga shi a haɗe. Ina neman ƙungiya ta ɗauki wannan, a kuma rubuta adadin.

Na uku, ranar farawa. Ba zan iya barin aji ba sai izinina ya fito kuma na miƙa wa wanda zai gaje ni. Ina neman 1 ga Nuwamba.

Na huɗu, albashi. Sanarwarku ta nemi ƙwarewar shekara 5, ni ina da 19, kuma ina jin Hausa da Barbarci, harsunan da za a fara koyar da yaran da su. Ina neman a duba matakina, zuwa jika 320.

In aka daidaita waɗannan, a shirye nake in sa hannu cikin wannan mako. Na gode, a gaida abokan aiki."

Wanda ya duba zai ga cewa taushin yana sama da ƙasa, a gaisuwa da godiya da faɗin cewa ina son aikin. Tsakiyar kuwa babu "don Allah a taimaka", babu "in ba damuwa", babu ban haƙuri. Kowace buƙata da lambarta da dalilinta. Kuma dalilan duk na aikin ne. Ban ambaci kuɗin makarantar 'ya'yana ko tsadar gero ba, ko da yake su ne ke hana ni barci, domin mai kula da kuɗi ba shi da layin da zai rubuta su a ciki. "Sau biyu a wata maimakon sau ɗaya" kuwa magana ce da shugaban aikin zai so ya ji. Na kuma haɗa komai a saƙo guda. Wanda ke fito da buƙata ɗaya yau, in an biya ya fito da wata gobe, yana sa jami'ar ta riƙa komawa ofishin shugabanta tana dawowa, har ta gaji da shi tun bai fara aiki ba.

Abu ɗaya na yi da yanzu nake ganin kuskure ne: na aika ranar Juma'a da yamma. Asabar da Lahadi babu kowa a ofis. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, shiru. A imel ba ka ganin fuska. A kasuwa in ka faɗi kuɗi mai saye ya yamutsa fuska, ka san inda kake. Nan kuwa sai zuciyarka ta riƙa zana maka fuskar da ta ga dama. Daren Talata na rubuta "ki manta da maganar albashin, na yarda da yadda yake", na tsaya da yatsa a kan maɓallin aikawa. Abin da ya hana ni shi ne na tuna babu wanda ya ce mini a'a. Da na aika, da na yi ciniki da kaina na kuma kayar da kaina, ita ba ta ce uffan ba.

Ranar Alhamis, kwana huɗu na aiki bayan saƙona, na tura layi uku a ƙarƙashin wancan saƙon, ban buɗe sabo ba: gaisuwa, ina tambaya ko saƙona ya iso, ina nan kan sha'awar aikin, in akwai takardar da ake buƙata zan turo. Ban rage komai ba, ban ƙara komai ba.

Washegari ta kira ni a waya. Muryarta sake, har da tambayar iyali da damina. Ashe shugabanta ne ya yi tafiya. Ta ce Gure an yarda. Mai an yarda, jika 30. Ranar farawa ba matsala, domin a kwanakin nan gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar da aka yi, su ma azuzuwansu ba za su buɗe da wuri ba. Albashi kuwa 320 ya fita daga rukunin. Abin da ta samo mini mataki ɗaya ne, jika 299. Ta ce, "Mushe, na yi iya ƙoƙarina." Na yarda da ita. Jika 299 zai bar mini kusan 252 a hannu, ya wuce iyakata da jika 22. Ban sake ja ba. Wanda aka ba uku da rabi cikin huɗu ya ci gaba da ja, ba tsayuwa yake ba, kwaɗayi ne, kuma da mutanen nan zan yi shekara ina aiki.

Amma maganar waya iska ce. Kafin Magariba na rubuta mata: na gode da kiran da kika yi yau, don kada in yi kuskuren fahimta, ga abin da na ji mun tsayar: wurin zama Gure, mai da gyara jika 30 a wata, farawa 1 ga Nuwamba, albashi jika 299 kafin cire haraji, in haka ne ki tabbatar mini, sai in jira kwantiragin. Ta amsa da kalma biyu cewa haka ne. A lokacin na ji kamar na cika naci.

Bayan kwana biyar kwantiragin ya iso, shafi shida. Na karanta shi layi layi kamar ina gyaran jarrabawa. Albashi 299, daidai. Ranar farawa, daidai. Wurin aiki: Damagaram. Maganar mai kuwa babu ita ko'ina. Ban ɗauka da gangan ba ne, kuma har yau ban ɗauka ba. Tsohon samfuri aka ɗauko aka canza layi biyu aka manta sauran. Sai dai ranar da aka sami saɓani, sufeton aiki takardar da ka sa wa hannu zai duba, ba niyyar wanda ya buga ta ba. Kuma jami'ai suna canza wurin aiki. Wanda zai gaje ta bai san an yi wata waya ba.

Na amsa a ƙarƙashin saƙon da ta ce "haka ne", yadda maganarta za ta fito a ƙasan tawa ba sai na ce "ai ke kika faɗa" ba. Na rubuta cewa na ga kwantiragin, na gode, da alama wurare biyu sun tsallake wajen bugawa, sashe na 3 da maganar mai, da zarar an gyara zan sa hannu a ranar. Ban sa hannu da alkawarin za a gyara daga baya ba. Ban kuma kai takardar neman disfonibilite ba sai da gyararren ya zo da sa hannun shugabansu, bayan kwana biyu. Wannan jerin yana da muhimmanci ga duk malamin gwamnati: takardarsu tukuna, sannan taka. In ka juya shi, kana iya wayar gari ba aji, ba kwantiragi.

Na san malamai da yawa, musamman 'yan kwantiragi da ke jiran lambar aiki shekara da shekaru, waɗanda irin wannan imel zai zo musu wata rana, ko ya zo wa ɗansu da ya gama jami'a. Ba kowa ke da aikin da zai koma ba kamar yadda nake da shi, kuma wanda ba shi da madafa iyakarsa dole ta sauko. Amma ko shi yana iya tambayar abin da zai shigo hannu, yana iya tambayar man babur a kan wa yake, yana iya karanta kwantiragi kafin ya sa hannu. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke sa a janye tayi a wurin mutanen kirki. In kuwa aka janye don ka yi tambaya, ka san irin gidan da Allah ya tsare ka da shiga.

Na haɗu da Madam ido da ido sau ɗaya, a wani taron horo a Damagaram cikin Disamba. Ta gane sunana a takardar halarta, ta yi dariya ta ce, "Kai ne mai abubuwa huɗu." Ta ce saƙona ta tura wa shugabanta yadda yake, ba ta canza ko harafi ba. Daga nan muka shiga maganar ajin wani ƙauye a Bune da iska ta yaye wa rumfa, da yadda za a sami zana kafin sanyi ya yi ƙarfi.